Yadda ake tsara satin dilod da abin da ya kamata a rage, ga wanda ya daɗe yana ɗaga ƙarfe

Wannan rubutun na wanda ya yi wata shida, wata takwas ko shekara yana zuwa jim ba fashi ne, yanzu kuma ƙarfen da yake ɗagawa da sauƙi a baya ya fara masa nauyi. Ba na sabon shiga ba ne. Wanda ya fara watan jiya bai kai yana ɗaga nauyin da zai tara masa gajiya irin wannan ba, shi ya ci gaba da aikinsa kawai. Amma ku 'yan maco na Aboabo da Asawase da Tafo a Kumasi da kullum bayan la'asar kuna bayan gida kan benci, da masu zuwa jim na kuɗi a cikin gari, ku nake wa magana, saboda ina ganin yadda samari masu ƙoƙari suke tsayawa wuri ɗaya wata da watanni, wasu har kafaɗa ta lalace, alhali sati ɗaya na sassauci, wato dilod, da an tsara shi da kyau zai iya gyara abin.

Dilod sati ɗaya ne da kake zuwa jim kamar kullum amma ka rage aikin da gangan. Dalilinsa kuwa shi ne duk tirenin mai wuya yana bar maka abu biyu a jiki, ƙarfi da gajiya. Ƙarfin yana taruwa a hankali kuma yana daɗewa kafin ya tafi, ita gajiya tana taruwa da sauri kuma tana saurin sauka in ka ba ta dama. Idan ka yi watanni kana tara su tare to ƙarfin yana nan a jikinka amma gajiya ta danne shi, shi ya sa kake ganin kamar ka koma baya. Aikin satin dilod shi ne a sauke gajiyar ba tare da an taɓa ƙarfin ba. Kuma akwai wani abu, tsoka tana saurin sabawa da nauyi fiye da jijiyoyin da suka ɗaure ta da ƙashi, don haka sau da yawa tsokarka tana iya ci gaba amma gwiwar hannu da kafaɗa da gwiwa su ne suke fara kuka.

Mataki na farko, ka tabbatar gajiyar tirenin ce

Rana ɗaya da ƙarfe ya yi maka nauyi ba komai ba ce. Wataƙila dumso ne, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya hana ka barci saboda zafi, wataƙila ba ka ci abincin kirki ba, ko ka wuni a tsaye a kasuwar Kejetia. Abin da za ka duba shi ne maimaituwa. In a manyan ɗagawa guda biyu, misali sikwat da benci, ka kasa yin ƙirgar da ka saba da nauyin da ka saba, kuma hakan ya faru zuwa biyu ko uku a jere, to wannan ita ce babbar alama. Sai ka haɗa da sauran: ƙarfen ɗumama jiki ma yana maka nauyi, ciwon tsoka da yake tafiya a kwana biyu yanzu yana kai kwana huɗu, gaɓoɓi suna maka tsami tun daga tashi barci, ka gaji tiɓis amma barcin ba ya zuwa da kyau, kuma kai da kake ɗokin lokacin jim ya yi yanzu sai ka ja kanka. Babbar alama ɗaya da ƙanana biyu sun isa, ba sai duk sun taru ba.

Wannan kuwa ba zai yiwu ba in ba ka rubuta abin da kake ɗagawa. Ƙaramin littafi ko a waya, rana, nauyi, seti nawa, ƙirga nawa. Ƙwaƙwalwa tana riƙe ranar da ka fi ƙarfi ne kawai, sai ka riƙa gwada kowace rana da ita.

Dan Allah kafin ka ce gajiyar ƙarfe ce ka duba lafiyarka. A nan Gana kasala da ciwon gaɓoɓi da ciwon kai su ne farkon maleriya a wurin mutane da yawa, in akwai zazzaɓi ko jin sanyi ko ɗacin baki ka je a yi maka gwaji, dilod ba ya maganin wannan. Haka in fitsarinka ya koma baƙi-baƙi kamar ruwan shayi bayan tirenin mai tsanani, ga tsoka ta kumbura tana ciwo fiye da kima, wannan asibiti ne a ranar, don yana iya taɓa ƙoda. Ciwon da yake sokawa wuri ɗaya, ko wanda yake sauka daga baya zuwa ƙafa da jin kamar ƙafar ta mutu, shi ma likita ne. Kuma shan taramol ko dikulofenak don a samu a gama seti, wallahi wannan ɓoye alamar ne kawai, jijiyar tana ci gaba da lalacewa kai ba ka ji.

Mataki na biyu, abin da za a rage

Nan ne ainihin maganar, kuma nan mutane suka fi ruɗewa. Abubuwa huɗu ne a hannunka: yawan seti, nauyin ƙarfen, yadda kake matsa kowane seti har ka kusa kasawa, da yawan ranakun zuwa. Ba daidai suke ba.

Wanda za ka fara yanka shi ne yawan seti, ka raba shi biyu. Wanda yake seti 4 ya koma 2, mai seti 5 ya koma 2 ko 3. Yawan aiki shi ne ya fi tara gajiya, kuma shi ne jiki ya fi haƙurin rasawa. An yi wani bincike a Amurka da aka buga a 2011, mutane suka yi sati 16 suna tirenin sosai, daga nan aka rage wa wasu aikin zuwa kashi ɗaya cikin uku, wasu har kashi ɗaya cikin tara, amma ba a sauke musu nauyin ƙarfen ba, aka bi su sati 32, matasan cikinsu suka riƙe ƙarfinsu da girman tsokarsu. To in wata bakwai da ɗan aiki kaɗan bai zubar da jiki ba, kaga sati ɗaya da rabin aiki ba abin tsoro ba ne ko kaɗan.

Na biyu, ka daina kai seti ƙarshe. A satin nan babu seti ɗaya da za ka yi har sandar ta tsaya a ƙirjinka abokinka yana ihu yana taya ka da yatsa biyu. Kowane seti ka ajiye ƙarfen kana jin da za ka iya ƙara ƙirga 3 ko 4 masu kyau. Ni a ganina wannan ya kai yanke seti muhimmanci, saboda ƙirga biyun ƙarshe da ake yi da rawar jiki su ne suka fi cin jiki, kuma a jim ɗin unguwa inda kowa yake kallon kowa kusan duk seti haka ake ƙare shi.

Na uku shi ne nauyi, kuma shi kaɗan za ka taɓa, kamar kashi 10 cikin ɗari. Mutane da yawa suna yin akasin haka, su sauke ƙarfen zuwa rabi sannan su yi ta ƙirga 20, 25 har tsoka ta ɗau zafi wai suna hutawa. Wannan ba hutu ba ne, wata gajiyar ce daban, kuma in ka dawo satin gaba nauyin da ka saba zai zame maka baƙo a hannu. Nauyin shi ne yake gaya wa jiki har yanzu ana buƙatar wannan ƙarfin, shi ya sa ake barinsa kusa da inda yake.

Amma akwai inda wannan dokar take juyawa. In matsalarka gaɓa ce, kafaɗa tana tsami ko gwiwar hannu tana zafi a benci, to a wannan ɗagawar nauyin ne za ka sauke sosai, zuwa kashi 55 ko 60 cikin ɗari, ko ka canja ta da wata mai kama da ita wadda ba ta taɓa wurin. Don haka tambayar da za ka yi wa kanka kafin ka rubuta tsarin ita ce, jikina gaba ɗaya ne ya gaji ko wani wuri ne yake ciwo? In gajiyar gaba ɗaya ce, yanke seti ka bar nauyi. In gaɓa ce, yanke seti kuma ka sauke nauyi a wurin da abin ya shafa kawai, sauran jiki ya bi dokar farko.

Ranaku kuwa na fi son a bar su yadda suke, mai zuwa sau huɗu ya zo sau huɗu ya gama da wuri. Wanda yake zuwa sau shida zai iya ajiye ɗaya ko biyu. Dalilina shi ne sabo, wanda ya daina zuwa gaba ɗaya sau da yawa sati ɗayan yana zama uku. Akwai kuma wani bincike da aka buga a 2024 inda aka sa wasu suka daina tirenin ɗungurungum na sati ɗaya a tsakiyar shiri na sati tara, girman tsokarsu bai bambanta da na waɗanda ba su tsaya ba, amma a ƙarfin ƙafa waɗanda ba su tsaya ba sun ɗan fi su. Wato zaman gida na sati ɗaya ba zai rushe ka ba in tafiya ta kama ko rashin lafiya, amma in kana da zaɓi, rage aiki ya fi daina shi.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki

A ce saurayi ne mai aikin walda a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, nauyinsa kilo 78, ya yi wata takwas yana tirenin sau huɗu a sati bai taɓa sassautawa ba. Sikwat ɗinsa kilo 120 ne seti 5 ƙirga 5, amma sati biyun nan a seti na uku yake tsayawa a ƙirga 3. Benci kilo 90 shi ma ya fara gagara, kuma gaban kafaɗarsa ta dama tana masa tsami duk sanda sandar ta sauko ƙirji. Kaga yana da duka biyun kenan, gajiyar jiki da kuma gaɓa ɗaya mai ƙorafi.

Ranar Litinin ranar ƙafa ce. Ya saba sikwat seti 5, sai lanj da dambel seti 3, sai dedlif na miƙe ƙafa seti 3, sai sha-raɓa seti 4, duka seti 15. A satin dilod sikwat zai koma kilo 110, seti 2 ƙirga 5. Kashi 10 daga 120 ya kamata ya ba da 108, amma ba wanda yake da faranti na haka, sai a ɗauki na kusa. In ka lissafa, da yana ɗaga 120 sau 25 wato kilo 3000, yanzu 110 sau 10 wato kilo 1100, aikin ya sauka sosai amma abin da yake kan bayansa har yanzu ƙarfe ne na gaske. Dedlif na miƙe ƙafa seti 2 da nauyi ɗan ƙasa da na kullum, sha-raɓa seti 2, lanj kuwa a ajiye shi gaba ɗaya saboda yana cikin abubuwan da suka fi barin ciwon tsoka. Seti 6 kenan maimakon 15, cikin minti 35 ya gama ya tafi gida.

Ranar Talata ƙirji da kafaɗa, nan ne za a bi ɗaya dokar. Ya saba benci seti 5, benci mai gangare da dambel seti 4, dif seti 3 har ya kasa, turin kafaɗa seti 4, bayan damtse seti 4, duka 20. Benci zai sauka daga 90 zuwa 55, seti 3 ƙirga 6, a hankali, yana ɗan matso da hannayensa kusa da juna yana kuma matse gwiwar hannu kusa da jiki, in har a hakan ma kafaɗar tana magana sai ya koma dambel yana riƙe su tafin hannu na kallon juna, ko ya kwanta a ƙasa ya tura daga nan don kada gwiwar hannun ta wuce baya. Dif a cire shi ƙaf, shi ne ya fi jan gaban kafaɗa. Turin kafaɗa ma a ajiye na satin. Benci mai gangare seti 2 mara nauyi in ba ya ciwo, bayan damtse seti 2. Seti 7 kenan.

Alhamis ranar baya. Dedlif ɗinsa kilo 150 ne seti 4 ƙirga 5, shi kuma dedlif ya fi kowace ɗagawa cin ƙugu da hannu, don haka na fi yanka shi da yawa, kilo 130 seti 2 ƙirga 3 ya isa. Mutumin da yake wuni a sunkuye kan aiki kamar wannan, in bayansa ya riƙe, ko ya bar dedlif ɗin na satin ba laifi. Jan jiki a sanda seti 2 ya tsaya da saura ƙirga 3 a jikinsa, jan ƙarfe zuwa ciki seti 2, damtse seti 2. Asabar da ya saba maimaita sikwat da benci da ƙirga 10, sai ya yi sikwat kilo 85 seti 2 ƙirga 6, ya bar benci kafaɗar ta samu kwanaki a jere tana hutawa, ya ɗan yi ƙananan abubuwa seti 4 ya tashi. In ka tara satin duka, daga seti sittin da wani abu ya dawo ƙasa da talatin.

Ka lura da abin da aka fara zubarwa: duk abin da ake yi har a kasa, duk abin da yake barin ciwo na kwanaki, duk abin da yake taɓa gaɓar da take ƙorafi, da kuma ƙarin nan na ƙarshen tirenin da ba ya cikin tsari, irin a sauke faranti a ci gaba ba hutu, ko gasar wa zai fi ɗaga na Asabar da yamma. Manyan ɗagawa su ake bari, a rage musu yawa.

In ƙarfen jim ɗinku ba shi da lamba

Na san da yawa a zango ba faranti mai rubutun kilo suke amfani da shi ba, siminti ne da aka zuba a bokiti, da giyar mota da sauran ƙarafan da aka haɗo daga Magazine aka yi musu walda. A nan lissafin kashi 10 ba zai yi aiki ba, kuma wani lokaci tsakanin wannan sandar da mai bi mata tazarar kilo 20 ce ko fiye. To sai ka rage ƙirga maimakon nauyi. Sandar da iyakarka a kanta ƙirga 8 ce, ka yi 4 ko 5 ka ajiye, seti rabin na kullum. Sakamakon kusan ɗaya ne, nauyi yana nan, ba ka kusa kasawa ba, yawan aiki ya sauka. In kuma gaɓa ce take ciwo sai ka sauka zuwa ƙaramar sandar ko da ka ga kamar ta yi maka wasa. Wanda zai iya, ya ari sikelin awon mutum rana ɗaya, ya hau shi kaɗai sannan ya hau riƙe da kowane faranti ya cire bambancin, a rubuta da fenti a jiki, kowa ya amfana.

Mataki na uku, yaushe za a sa shi

Yawanci ana sa dilod bayan kowane sati 4 zuwa 8 na aiki mai wuya. Ni ga wanda ya daɗe yana yi na fi son sati biyar na aiki, na shida dilod, a fara da wannan a ga yadda jiki ya karɓa. Wanda ya haura shekara 40, ko yana aikin ƙarfi da rana kamar ɗaukar kaya ko gini ko kanikanci, ko yana rage abinci don ya sauke kitse, ya matso da shi kusa, uku ko huɗu na aiki ɗaya na sassauci. Ɗan makaranta mai shekara ashirin da yake samun barci da abinci zai iya kai bakwai ko takwas.

Ka sa shi a kalanda tun yanzu amma kada ka ɗaure kanka da ranar. In alamun da na faɗa sun bayyana a sati na huɗu, ka yi shi a lokacin, kar ka ce sai na shida. In ranar ta zo kuma ƙarfe yana tashi da kyau, gaɓoɓi lafiya, ka iya ɗaga shi da sati ɗaya, amma sau ɗaya kawai, don mai jin ƙarfi kullum zai samu dalilin ɗaga ranar. Shi kuwa wanda ya riga ya yi wata takwas bai taɓa yi ba kamar mutuminmu na Suame, babu wani lissafi, Litinin mai zuwa ya fara.

Dabara mafi amfani ita ce ka ɗora dilod a kan satin da dama rayuwa za ta matse ka. Satin farko na azumi ya dace sosai, jiki bai saba da rashin ruwa da canjin barci ba, in ka shiga da rabin aiki sai ka fi samun sauƙi, sannan goman ƙarshe da ake raya dare shi ma haka, ka haɗa har da ranakun Sallah. Ka tuna azumi yana matsowa da kamar kwana 11 duk shekara, don haka kowace shekara ka ƙirga baya daga ranar da ake sa ran farawa ka jera satuttukanka. Satin Babbar Sallah, satin jarrabawa, satin biki a gida, tafiya Tamale ko Bawku gaida iyaye, cunkoson kasuwa na Disamba ga masu shago, duk waɗannan wuraren dilod ne da suka zo da kansu. Sai dai ka gane, satin da ba ka samu barci ba kana ta hidima ba zai sauke gajiya kamar satin da kake cikin natsuwa ba, don haka in hidimar ta yi yawa ka ƙara kwana uku masu sauƙi bayanta kafin ka koma aiki sosai.

Abinci da barci a satin

Kar ka rage abinci wai don ba ka aiki da yawa, a satin nan ne jiki yake gyara. Furotin ya tsaya inda yake, kamar giram 1.6 zuwa 2 ga kowane kilo na nauyinka a rana, ga mai kilo 78 wajen giram 125 zuwa 155 kenan, a raba shi cikin wuni, ƙwai da ƙosai da safe tare da koko, wake da shinkafa da kifi da rana, tuwon zafi da nama da dare, madara in da hali. Wanda yake rage abinci don sauke kitse ma gara ya dawo cin daidai buƙatarsa na wannan satin. Mai shan kiratin ya ci gaba da sha. Lokacin da ka rage daga jim kuma ka mai da shi barci, awa 7 zuwa 9 ake nema, ba a majalisa za a ƙarar da shi ba har sha biyun dare.

Wajen kwana na huɗu za ka iya kallon madubi ka ga kamar damtsen ya ɗan saki. Kumburin tirenin ne ya sauka, ba tsoka ce ta tafi ba, zuwa biyu bayan ka koma zai dawo.

Inda ake ɓata shi

Wanda na fi gani shi ne ranar Alhamis ko Asabar ta satin, jiki ya fara sakewa, ƙarfe ya yi sauƙi a hannu, wani ya ce masa kai yau fa kana da ƙarfi sa mu gani, sai a ɗora faranti a gwada iyaka. Shi kenan an mai da gajiyar da aka yi kwana huɗu ana saukewa. Jin sauƙin nan alama ce abin yana aiki, ka bar shi ya kai ƙarshen sati. Na biyu shi ne cike gurbin da wani abu, ba ka ɗaga ƙarfe sosai amma kullum kana filin ƙwallo awa biyu ko ka fara gudun safe da ba ka saba ba. Tafiya a ƙafa da ɗan miƙe jiki ba laifi, ƙwallo sau ɗaya in dama ka saba ba laifi. Na uku shi ne gwada sababbin motsi da ka gani a waya, duk motsin da jiki bai saba ba yana kawo ciwon tsoka ko da ba nauyi, sai dai wanda ka canja saboda gaɓa, shi ma a yi shi da sauƙi.

Mataki na ƙarshe, komowa

Kar ka dawo da niyyar rama abin da ka rasa. Mutuminmu a satin farko bayan dilod zai sa sikwat kilo 115 seti 4 ƙirga 5, in ya tafi sumul sati na biyu ya koma 120 seti 5, na uku ya gwada 122.5, in babu ƙananan faranti ya tsaya a 120 ya nemi ƙirga 6. Zuwan farko zai iya jin jikinsa ya ɗan yi sanyi, wannan ba komai, a zuwa na biyu da na uku ake gane gaskiya. Benci kuwa kafaɗa ce za ta yi hukunci, ya fara da 70, in babu tsami a lokacin da kuma washegari ya hau 80, sannan 85, dif kuma shi ne na ƙarshen dawowa.

Yadda za ka san ya yi aiki, ƙirgar da ta gagare ka kafin dilod ta dawo cikin sati biyu, barci ya gyaru, kana son zuwa jim. In ka ga sauƙi amma bai cika ba, wanda hakan yana faruwa ga wanda ya tara gajiyar watanni, ka ƙara sati na biyu da kamar kashi biyu cikin uku na setinka na da. In bayan sati biyu babu canji ko kaɗan to ba tirenin ne kaɗai ba, ka duba abinci da barci da nauyin aikin rana, ka je a duba jininka, kafaɗar ma in tana nan yadda take ka kai ta wurin likitan gashin ƙashi. In kuma dilod yana maka aiki amma duk bayan sati uku sai ka sake faɗawa rami ɗaya, to tsarinka na kullum ne ya yi yawa, kamar mutuminmu mai seti sittin da wani abu ga walda wuni guda, ya cire seti ɗaya daga kowace ƙaramar ɗagawa, ya bar kai seti ƙarshe sai a na ƙarshe kawai, sannan ya buɗe kalanda ya ƙirga sati biyar daga ranar da ya koma ya sa alama a na shida.